An turo mini lokeshan a Birnin Kebbi amma fin ya faɗa tsakanin layi biyu, ta yaya zan gane gidan kafin in taso?

Mai_Sola_Jega:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jibi da safe zan kai kayan sola Birnin Kebbi daga Jega, faranti 12 da batura 4, a motar ɗaukar kaya. Gidan yana cikin sabbin fegi na wajen Badariya. Maigidan ba ya gari, ƙaninsa ne ya turo mini lokeshan ta WhatsApp, kuma da safe yana wurin karatu, ba zai samu fitowa ya tarbe ni ba. Da na buɗe Google Maps na juya zuwa Satellite, sai na ga jan fin ɗin ya sauka daidai kan katangar da ta raba gidaje biyu ta baya. Ɗaya yana kallon layin arewa, ɗaya yana kallon layin kudu. Kwatancen da aka ba ni shi ne rufi shuɗi, baƙin get, dogon yaro a ƙofar gida, kusa da masallaci. To a hoton ban ga shuɗin rufi ko ɗaya ba a wurin. Damina ce, layukan ba kwalta, ba na son in yi ta zagaye da kaya masu fashewa. Masana ku taimaka.

Mai_Awon_Fili:
Wa alaikumus salam. Kafin a taɓa maganar rufi, ka kira ƙanin ka tambaye shi abu biyu: a ina yake tsaye lokacin da ya tura, kuma wace lamba ya gani. A ƙarƙashin `Send your current location` WhatsApp yana rubuta `Accurate to` da adadin mita. Mai turawa ne yake ganin wannan lambar, kai da aka turo wa fin kawai kake gani, shi ya sa mutane suke ɗauka fin ɗin a kan gidan yake daram. Idan a cikin ɗaki ya tura, ƙarƙashin kwano, wayar ba ta samun taurarin GPS sosai, sai ta yi kirdado da ƙarfen sabis.

Mai_Sola_Jega:
Na kira shi. Ya ce a falo yake, kuma yana tuna ya ga 40.

Mai_Awon_Fili:
To ga lissafin. Mita 40 ta kowane ɓangare na fin, wato da'ira mai faɗin mita 80. Fegin hamsin da ɗari da aka saba yankawa kusan mita 15 ne a fuska, mita 30 a zurfi. Ka raba 80 da 15, gida biyar ke nan da ɗoriya a jeri ɗaya. Jeri biyu ne suka haɗa baya, saboda haka gidaje kusan goma ne kowanne zai iya zama naka. Saukar fin a kan katangar baya ba ta nuna komai, kada ka ɓata lokaci kana duba wane gefe ya fi karkata. Unguwa ya ba ka, ba ƙofa ba. Aikinka yanzu shi ne rage goman nan zuwa ɗaya da alamomin da ake iya gani daga sama.

Kabukabu_BK:
Malam mai sola, dud da haka mi za ya hana in ka iso bakin kwalta ka ɗauki ɗan kabu-kabu shi wuce gaba? Mu munka san shiyoyin ga. Ka faɗi masallacin da anka ce maka, a kai ka.

Mai_Sola_Jega:
Ai matsalar ke nan ɗan uwa, masallacin ba shi da sunan da aka sani, na layi ne. Maigidan kuma bai daɗe da tarewa ba, ko maƙwabta ba duka suka san sunansa ba.

Malam_Jogirafi:
Masallacin nan shi ne alamar da ta fi kowace ƙarfi a cikin huɗun da aka ba ka, kuma ana gane shi daga sama ko ba a rubuta sunansa a taswira ba. Gidaje suna bin layi ne, shi kuwa masallaci alƙibla yake bi. Daga Birnin Kebbi alƙibla tana wajen digiri 70 daga arewa, wato gabas ce da ta ɗan karkata arewa. Saboda haka a layin da ya miƙe gabas da yamma za ka ga duk rufin gidaje sun jeru, sai gini ɗaya da ya ɗan juya kafaɗa. Ka zuƙo hoton ka duba bangonsa na gabas, galibi akwai ɗan ƙaramin gini da ya turo waje a tsakiya, wurin tsayuwar liman ke nan. Sau da yawa ba shi da katanga ta kowane gefe, kuma ƙasar da ke gabansa ta fi haske saboda sawun jama'a.

Amma ka fara tabbatar da cewa arewa tana sama. Idan ka ga alamar kamfas a gefen allo, ka taɓa ta taswira ta miƙe. In ba haka ba za ka nemi gabas a inda ba gabas ba.

Baban_Yara_Gesse:
Malam, ba kowane masallaci ne yake karkacewa ba fa. Akwai na layi da yawa da aka gina a jikin katangar gida, suka bi fegi yadda yake, sahu ne kawai ake karkatawa a ciki.

Malam_Jogirafi:
Gaskiya ne Baban Yara. Irin wannan sai dai a gane shi da rumfar kwano da ta fito bakin layi, da rashin tsakar gida. Idan bai ga mai karkata ba sai ya koma ga wannan.

Mai_Sola_Jega:
Na gan shi! Yana layin kudu, a gefen kudu na layin, ya karkata kamar yadda Malam ya ce, har da ɗan turowar nan ta gabas. A layin arewa ban ga mai kama da shi ba. Sai dai har yanzu babu shuɗin rufi. A cikin gidaje goman akwai kango biyu da ba rufi, ɗaya a jerin arewa, ɗaya a jerin kudu.

Yar_Zuru:
Ka duba can ƙasan allo, akwai shekara a rubuce kusa da sunan Google. Ita ce shekarar da aka ɗauki hoton. In ta bana ce to hoton sabo ne, kuma gidan ba ya cikin waɗannan.

Mai_Awon_Fili:
'Yar uwa, nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Shekarar da ke ƙasan allo ta haƙƙin mallaka ce, ana iya ganin ta bana a kan hoton da ya shekara biyu ko uku. Google Maps ba ya nuna ranar hoton sama. Wanda yake son ranar ya buɗe Google Earth. A kwamfuta, Google Earth Pro yana rubuta `Imagery Date` a ƙasan allo, kuma akwai alamar agogo a sama da take buɗe tsofaffin hotuna. A manhajar waya ma an saka `Historical imagery` tun 2024. Ka je daidai wurin, ka ja ma'aunin lokaci baya da gaba. Za ka ga fegin yana fili, sannan an zagaye shi, sannan bango ya tashi. Wanda ka ga ginin yana ci gaba daga hoto zuwa hoto ya fi zama wanda aka gama aka tare a ciki. Wanda ya tsaya yadda yake shekara da shekaru, har ciyawa ko bishiya ta fito a tsakiyar ɗakuna, mai yiwuwa har yau kango ne.

Tun da ka ce maigidan bai daɗe da tarewa ba, ni zatona gidan naka ɗaya ne daga kangayen nan biyu, an ɗauki hoton kafin a buga kwano.

Yar_Zuru:
To na gode da gyara. Ina ganin kuma ko da rufin yana nan, launi ba abin dogaro ba ne sosai. Hoton da aka ɗauka da rani kwano ya sha ƙura, shuɗi da kore duk sukan koma ruwan toka, farin kwano kuma yana ƙyalli ya zama fari fat ba a ganin siffarsa.

Alhaji_Dillali:
Salamu alaikum. Ni tambayata, idan ya iso bakin layin ya buɗe setilayit ɗin, ba zai ga motarsa a ciki ba? Sai ya riƙa kallon kansa yana tafiya har ƙofar gidan. Ko kuma a ce wa yaron ya fito ya tsaya a waje yanzu a gan shi.

Malam_Jogirafi:
Alhaji, ba kai tsaye yake nunawa ba. Hoto ne da aka ɗauka rana ɗaya aka ajiye, motocin da kake gani a ciki na wannan ranar ne. Abin da yake motsi shuɗin ɗigon nan ne kawai, shi ne wayarka. Kuma kowane ɗigo na hoton a gari yana ɗaukar kamar santimita 30 zuwa 50 na ƙasa. Mota tana fitowa, bishiya tana fitowa, amma launin get ko rubutun allo ba za su taɓa fitowa ba, balle ma a tsaye suke, ana kallonsu ta ka. Shi ya sa "baƙin get" ba shi da amfani ga mai sola a yanzu, sai ya isa.

Direban_Argungu:
Ba wanda ya yi maganar Street View. Shi ne yake nuna get da launinsa ai.

Mai_Awon_Fili:
Yana nunawa a inda motarsu ta bi. A Najeriya a Legas aka fara shi a 2017. Yadda za ka san ko ta bi wuri: ka taɓa alamar Layers, inda ka zaɓi Satellite, ka kunna Street View. Duk titin da aka ɗauka zai yi shuɗin layi, ka taɓa layin ka shiga. Titin da bai yi shuɗi ba babu hotonsa, komai zuƙowar da za ka yi. A layukan ƙasa na sabuwar unguwa kada ka sa rai.

Amma idan kwaltar da za ka sauka daga kanta ta yi shuɗi, to ka samu abin da ya fi ganin get amfani, wato ganin kwanar. Galibin ɓata a kwana yake faruwa, don layukan ƙasa biyar a jere duk kamarsu ɗaya ga mai tuƙi. Ka shiga hoton kamar mita 100 kafin kwanar, ta ɓangaren da za ka fito, ka juya fuskarka inda motarka za ta dosa, sannan ka riƙa taɓa kibiya kana matsawa gaba. Abin da ka gani kafin kwanar shi za ka riƙe, ba abin da ke bayanta ba, domin in ka ga na baya ka riga ka wuce.

Direban_Argungu:
Ƙari a kan wannan: shi Street View yana nuna wata da shekarar da aka ɗauka, ka duba kafin ka yarda da shi. In akwai `See more dates` ka zaɓi na ƙarshe. Kuma kada ka riƙe tebur ɗin mai shayi, ko kes ɗin mai POS, ko fentin shago, duk waɗannan suna canzawa cikin wata ɗaya. Ka riƙe taransifoma, kwalbati, bene, ƙarfen sabis, doguwar katangar makaranta. Sannan idan ɗan shuɗin zagaye ka gani maimakon layi, wannan hoton da wani ya ɗora ne da kansa, wani lokaci ba daidai wurin yake ajiye shi ba.

Mai_Sola_Jega:
Na kunna, layukan biyu babu shuɗi. Da hoton sama zan yi aiki. To ta yaya zan san ina ƙofar kangon take tun da ba a ganin get?

Mai_Awon_Fili:
Ba a ganin get ɗin, amma ana ganin abin da get yake bari a ƙasa. Ka zuƙo har ƙarshe ka bi katangar da ke bakin layi. Katangar bulo tana fitowa kamar siririn zare mai haske da baƙar inuwa a gefe ɗaya. Inda zaren ya yanke na kamar mita 3 zuwa 4, nan ne mashigar mota. A gidan da ake zaune za ka ga ƙasa ta yi haske daga nan ta lanƙwasa ta shiga layi, sawun taya ke nan, ko ka ga ɗan dandamalin siminti a kan kwata. A kango kuma ka nemi tarin yashi ko bulo, a bakin mashiga tifa take juyewa. Yadda aka dasa ginin a fegi ma yana magana: an fi matsar da shi baya a bar fili a gaba don mota.

Wannan na sabbin unguwanni ne. A cikin tsohon gari, irin su Shiyar Fada, lissafin fegi ba ya aiki, gidaje sun manne, lungu ya fi inuwarsa siranta. A can zaure ake nema, ƙaramin ɗaki mai kusurwa huɗu da ya fito bakin hanya.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni dai ina ganin an tsawaita. Masu kai kaya gida-gida abin da suke yi shi ne a ce wa mutanen gida su fito su ɗauki hoton get su turo. Minti ɗaya an gama.

Direban_Argungu:
Hajiya, hoton get yana da amfani amma a ƙarshe. Baƙin get mai ƙofa biyu, maƙeri ɗaya yana iya yi wa rabin layi. In za a ɗauka, a tsallaka ɗaya gefen layin a ɗauko gidan da na maƙwabta dama da hagu, bishiyar ta fito, falwayar wuta ta fito. Sannan a tsaya a ƙofa a ɗauki layin ta gabas, a ɗauka ta yamma. Waɗannan ukun su ne Street View ɗin wurin da babu Street View. Amma ba za su gaya masa ta wane layi zai shigo da mota ba, wannan aikin hoton sama ne.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Haka ne, na yarda da na ɗauko maƙwabta. Amma ku tuna ba kowane gida ne ake son a tsaya ana ɗaukar hotonsa ba. Kuma don Allah mai sola kada ka ɗora hoton saman a nan zauren, tsakar gidajen mutane ne a buɗe, da iyalinsu a ciki.

Mai_Sola_Jega:
In sha Allahu ba zan ɗora ba Hajiya. Ga abin da na samu. Kangon jerin kudu mashigarsa tana kallon layin kudu, akwai bishiya mai duhu a gefenta. Na jerin arewa ma akwai bishiya, amma a cikin fegin take. A Google Earth na kudu ne yake ci gaba, na arewa yana nan yadda yake a hotuna uku.

Malam_Jogirafi:
Alamu sun taru a kan na kudu. Dogon yaro yana riƙe ganyensa har cikin rani, shi ya sa yake fitowa da duhu ko ƙasa ta bushe. Wata dabara kuma ita ce inuwa. Taurarin da suke ɗaukar irin wannan hoto galibi da hantsi suke wucewa, don haka inuwa takan faɗi wajen yamma. Tsawonta yana gaya maka tsayin abu. Ka kwatanta da ta katanga: ginin da inuwarsa ta ninka ta maƙwabtansa bene ne, ɗan zagayen da inuwarsa ta yi nesa da shi tankin ruwa ne a kan ƙarfe. Irin waɗannan su ne za ka hango daga nesa kana cikin mota. Ka nemi guda ɗaya kusa da gidan.

Baban_Yara_Gesse:
Ni na san inuwa arewa take faɗuwa a hoton taswira, da ita ma ake gane arewa.

Malam_Jogirafi:
Rabin shekara da ɗoriya haka ne. Muna wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana tana bi ta arewa da mu, inuwar tsakar rana ta koma kudu. Sauran watanni ne take karkata arewa. Kada a nemi arewa da inuwa, kamfas yana nan. Wani abin lura ga bene: idan ba daga tsakar ka aka ɗauki hoton ba, dogon gini yana bayyana kamar ya jingina, rufinsa ya goce daga gindinsa da 'yan mitoci har ya rufe lungun da ke bayansa. In za a auna, a auna daga gindin bango.

Mai_Awon_Fili:
Yanzu sai awo. Ka danna yatsa ka riƙe a kan kwanar da layin kudu ya haɗu da kwalta har fin ya fito, ka jawo bayanin da ke ƙasa, ka zaɓi `Measure distance`. Ka ja taswira har alamar ta hau gaban masallaci ka rubuta lamba, ka ƙara ja zuwa mashigar kangon ka rubuta.

Mai_Sola_Jega:
Kwaltar tana gabas, layin ya shiga yamma. Daga kwana zuwa masallaci mita 120, zuwa mashigar mita 165.

Mai_Awon_Fili:
Madalla. Bambancin 45 ne, fegi uku. Idan ka shigo daga kwalta fuskarka tana yamma, masallaci zai zo maka a hagu, gidan a dama, na uku bayan ka wuce shi. Kada ka ƙirga tun daga kwalta, fegi goma sha ɗaya ne, kuma a cikinsu za a samu wanda ya haɗa biyu ya yi get ɗaya, ko wanda ya fasa shaguna a gaba. Kuskure yana taruwa da tsawon ƙirga. Daga alama ta kusa ake farawa.

Kabukabu_BK:
Wanga ƙirgan get ni ban yarda da shi ba ko kusa. Gida guda shina da get babba da ƙarama, wani na da ta shago. Baƙo na ƙirga ukku ya tsaya ƙofar wani. Gara shi maida mitar mota sifili bakin kwalta.

Direban_Argungu:
Mitar mota mita ɗari-ɗari take ƙirgawa. Za ta nuna 0.1 tun kafin masallaci, ba za ta koma 0.2 ba sai ya wuce gidan. Tana hana mutum yin nisa, amma ba ta nuna ƙofa. Katangar da ta raba gida da gida ake ƙirgawa, ba get ba, ana gane ta inda tsayin bulo ko shafe ya canza.

Kabukabu_BK:
Inda magini guda ya ja katanga ɗaya ma gida ukku fa? Akwai su da yawa. Ni dai bishiyar ta fi.

Yar_Zuru:
Kowace ce zai bi, ya adana hotunan tun yana Jega. Ko ya sauke Offline maps na Birnin Kebbi, zai samu duka ba sai da data ba.

Mai_Awon_Fili:
Ya sauke, yana da kyau, amma Offline maps tituna da sunaye yake ajiyewa, ba ya ajiye hoton Satellite. In sabis ya yi rauni sai ka ga allo ya dushe daidai lokacin da kake bukata. Sikirinshot uku zai yi: ɗaya daga nesa da ya nuna kwalta da duk layukan da ke fita daga ita, ɗaya da ya ɗauki layin daga kwana zuwa gidan, ɗaya na kusa da ya nuna masallaci da gidaje biyar. Kafin ka ɗauka, ka sa yatsu biyu ka juya taswirar yadda inda za ka dosa zai koma sama. Ta haka hagun allo shi ne hagunka. Shuɗin ɗigo kuwa yana aiki ko babu data, GPS ne.

Sannan ka sa ƙanin ya sake turawa daga bakin get, a waje, ya jira lambar ta sauko ƙasa da 10 kafin ya danna. Idan lambobi zai kwafo maka, ga tsarinsu a yankinmu, ta arewa ce farko:

```
12.4500, 4.2000
```

Misali ne kawai na tsari. In aka juya su, 4 ta zo farko, Kamaru fin zai faɗa. Kada kuma a yanke lambobin bayan ɗigo: guda huɗu suna kai ka cikin kimanin mita 11, guda biyar kimanin mita ɗaya.

Mai_Sola_Jega:
Ya fita ya sake turowa, ya ce 6 ya gani. Fin ya sauka a gefen bishiyar kangon kudu. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa kowa da alheri. Saura abu ɗaya. Kamar mita 60 daga kwalta akwai wani baƙin zane da ya ratsa layin kudu daga gefe zuwa gefe, a karkace. Mene ne shi?

Mai_Awon_Fili:
Ka duba gefunansa. In miƙaƙƙe ne kamar an ja da rula, faɗinsa ɗaya, to kwata ce da aka gina ko inuwar wani abu. In yana lanƙwasa, yana faɗi a wani wuri yana tsukewa a wani, kuma ya ci gaba ta bayan gidaje, hanyar ruwa ce. Ka duba sawun taya kuma: sun ratsa shi kai tsaye, ko sun taru a gefe ɗaya sun zama siriri? In siriri ne, babura ne kawai suke bi.

Mai_Sola_Jega:
Yana lanƙwasa, ya ci gaba kudu. Sawun ya ratsa amma ya tsuke. Ƙasar hoton duk ja ce, babu kore.

Direban_Argungu:
Hoton rani ne ke nan, kuma tun kafin a yi rufin gidan. Ruwa ya bi wurin aƙalla damina ɗaya bayan haka. Da faranti 12 a baya ni ban ba ka shawarar gwadawa ba, taya ɗaya ta faɗa firam ɗin ya murɗe gilashi ya tsage. Ka duba ko akwai lungun da ya haɗa layin arewa da na kudu ta yamma.

Mai_Sola_Jega:
Akwai, mita 200 daga kwalta. Na auna faɗinsa tsakanin katanga da katanga, mita 6.

Direban_Argungu:
Ya isa, in ba a juye yashi a ciki ba. To lissafinka ya juya, ka sake sikirinshot. Ka shiga layin arewa, mita 200 ka yi hagu, kamar mita 60 ka sake yin hagu. Yanzu fuskarka tana gabas, gidan yana hagunka, mita 35 daga kwanar, na uku. Masallaci yana gaba a dama. In ka kai gabansa ka wuce gidan da mita 45.

Kabukabu_BK:
Ku tambayi yaron dai ta ina tifar da ta kawo masu yashi ta shigo. Wataƙila an cike wurin ga tuni, kuna ta zagaye banza. Hoton ba shi sanin abin da anka yi bana.

Baban_Yara_Gesse:
Ko an cike, cikon baraguzai ne, ruwan sama biyu ya wanke shi. Ni ina tare da Direba a kan layin arewa.

Mai_Awon_Fili:
Shi ma layin arewa hoton rani ɗaya ne ya nuna shi, kuma ruwan da ya ratsa na kudu daga wani wuri ya gangaro. Mai sola, ka bi zanen nan da ido zuwa arewa ka ga ko ya taɓa layin arewa kafin ka yanke shawara. Gobe da yamma kuma ƙanin ya taka ya ɗauko maka hoton wurin da na bakin lungun, ya sa wani ya tsaya a ciki don a ga zurfin.

Mai_Sola_Jega:
Na bi shi. Ya ɓace a ƙarƙashin bishiyoyi kafin layin arewa, ba a ganin ko ya ratsa. Na tura wa yaron saƙo, ya ce bayan la'asar zai je ya ɗauko duka biyun.